Gizo-gizon Cikin Gida: Wanne Za a Bari, Wanne Za a Kawar?

A shekarar 2001, a garin Lenexa na jihar Kansas da ke Amurka, wasu iyali su huɗu suka ɗaura ɗamarar tattara gizo-gizon da ke cikin gidansu. Tsohon gida ne da aka gina tun ƙarni na 19, mai lunguna da tsagogi da yawa. Daga watan Yuni zuwa Nuwamba suka kama ko suka kashe guda 2,055, kuma dukansu irin nan ne mai ruwan ƙasa da Amurkawa ke shakka ƙwarai saboda dafinsa kan ruɓar da fata. Masanin gizo-gizo Rick Vetter na Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, wanda ya fitar da rahoton a 2002, ya ƙiyasta cewa aƙalla 400 daga cikinsu sun kai girman da za su ciji mutum su zuba masa dafi. Tun 1996 iyalin ke kwana suna tashi a gidan, amma ba wanda aka taɓa sani an ciza a cikinsu.

Ba wai dafin ƙarya ba ne. A jihar Parana ta Birazil, musamman birnin Curitiba, dangin wannan gizo-gizo na cizon dubban mutane duk shekara, wasu kuma kan kwana biyu suna jinyar gyambo. Abin da gidan Kansas ya nuna shi ne tsakanin zama gida ɗaya da gizo-gizo mai dafi da kuma shan cizonsa akwai tazara mai nisa. Gizo-gizo ba ya shan jini, ba ya cin naman mutum, ba shi da abin nema a jikin mai barci. Sauro da kuɗin cizo da ƙuma su ke bin mutum saboda shi ne abincinsu. Shi gizo-gizo yana cizo ne idan an matse shi tsakanin fata da riga, ko an danne shi a gado, ko an cusa hannu cikin saƙarsa. Wanda ya riƙe wannan ya riga ya samu rabin abin da yake bukata.

Masana sun rubuta nau'in gizo-gizo fiye da 50,000 a duniya, kuma kusan dukansu suna da dafi, domin da shi suke kashe abin da suka kama. Sai dai dafin an yi shi ne don ƙwari. Galibinsu fiƙarsu ba ta iya huda fatar mutum, waɗanda kuma ke iya hudawa yawanci ba sa barin abin da ya wuce zafin harbin zuma na ɗan lokaci. Likitan dafi Geoffrey Isbister da masanin gizo-gizo Michael Gray sun bi diddigin cizo 750 a Ostareliya, ƙasar da ta yi ƙaurin suna wajen miyagun halittu, inda a kowane cizo sai da aka kama gizon aka kai wa masani ya tantance shi. Kashi 6 cikin ɗari kacal suka jawo ciwon da ya kai a damu, kuma ko ɗaya bai zama gyambo ba.

To su wane ne ke zaune a ɗakunan Kano da Zinder da Garwa? Wanda aka fi gani shi ne mai dogayen ƙafafu sirara, ɗan jiki ƙarami, wanda ke rataye kai ƙasa a kusurwar silin ko bayan kwaba. Shi ne mai yawancin yanar da matan gida ke kakkaɓewa, wadda iyaye kan ce barinta a ɗaki na jawo talauci. Gane shi ba wuya: a taɓa saƙarsa da tsinke, sai ya hau kaɗa jikinsa da sauri har ido ya kasa tsayar da shi. Ta macen kan riƙe ɗan dunƙulen ƙwanta a baki ta yi ta zama da shi har ya ƙyanƙyashe. Ba ya cutar da mutum. Yana cin sauro da ƙananan ƙudaje, har ma yana kama wasu gizo-gizon da suka fi shi ƙiba, saboda doguwar ƙafa na ba shi damar nannaɗe abokin faɗa da zare daga nesa. Akwai wata jita-jita da ta zaga duniya cewa wai shi ya fi kowa mugun dafi, fiƙa ce kawai ba shi da ita. Ba ta da tushe.

Na biyu shi ne ɗan ƙaramin nan mai tsalle da ake gani da rana a bango ko jikin taga, mai manyan idanu biyu a gaba, wanda kan juyo ya kalli mutum. Ba ya kafa tarko da saƙa. Yana laɓaɓawa ne har ya kusa da ƙuda, sannan ya daka tsalle ya faɗa masa. A gaɓar tafkin Biktoriya a Kenya akwai wani ɗan'uwansa da masana suka gano ya fi son saurayen da suka sha jini, har yana zaɓar irin sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Wannan ba ya nufin gizo-gizo zai maye gurbin gidan sauro, amma ya isa ya nuna ɓangaren da yake a rigimar mutum da ƙwari.

Na uku shi ke sa a yi ihu. Babba ne, shimfiɗaɗɗe, ƙafafunsa a baje gefe-gefe, wani ya kai santimita goma daga ƙafa zuwa ƙafa. Da dare yake fitowa a bangon banɗaki ko kicin, kuma idan aka kai masa duka sai ya zura a guje ya shige bayan kalanda ko ƙyauren ƙofa. Wani lokaci a ga macen ɗauke da wani farin faifai a ƙarƙashin cikinta, jakar ƙwanta ke nan. Kyankyaso da gyare yake farauta. Idan aka kama shi da hannu zai iya cizo, wurin ya yi zafi ya ɗan kumbura, ya wuce cikin yini. Gidan da irinsa ya yi yawa gida ne mai kyankyasai, kuma maganin abin yana wajen kyankyasan.

A yankunan Sahel akwai wata halitta mai gashi, launin yashi, mai manyan muƙamuƙai, da kan shigo tsakar gida a guje da dare idan an kunna fitila. Mutane na ɗaukarta gizo-gizo ko 'yar'uwar kunama. Dangi ne na nesa, amma ba ta saƙa, ba ta da dafi ko kaɗan. Tana iya yi wa mutum cizo mai zafi da ƙarfin baki kawai, sai a wanke wurin. Idan ta bi mutum da rana, inuwarsa take nema.

Abin lura a nan shi ne girma da gashi da sauri, waɗanda su ke tsorata mutane, ba su ne alamar haɗari ba. Wanda ya kamata a sani a gidajen ƙasashe masu zafi ƙarami ne, mai nawa, kuma ba kasafai yake barin saƙarsa ba.

Turawa na kiran wannan dangi zawarawa, masana kuma Latirodektus. Baƙar bazawara ta Amurka ita ta fi suna, sai mai jan baya ta Ostareliya, sai baƙaƙen Afirka ta Kudu. Wadda ta fi sabawa da gidajen mutane a Afirka da sauran ƙasashe masu zafi ita ce mai ruwan ƙasa. Jikin macen, ban da ƙafafu, bai cika wuce santimita ɗaya ba. Cikinta a dunƙule yake, launinsa daga fari-fari zuwa ruwan ƙasa mai duhu, da zane-zane a baya, gwiwoyin ƙafafunta kuma sun fi sauran duhu. Alamar da ba ta ɓata tana ƙarƙashin ciki: tambari ruwan lemo ko ɗorawa, mai faɗi sama da ƙasa, tsukakke a tsakiya kamar kalangu. Da yake a kife take rataya, mai haska fitila kan iya ganin tambarin ba tare da ya taɓa ta ba.

Sau da yawa ma ba ita za a fara gani ba, jakar ƙwanta za a gani. 'Yar ƙwallo ce fara-fara ko ruwan madara, kimanin santimita ɗaya, jikinta duk tsinke-tsinke na zare. Sauran gizo-gizon gida jakarsu santsi ne ko laushi gare ta, saboda haka wanda ya ga mai tsinke-tsinken nan ya san da wa yake tare. Kowace jaka na ɗauke da ƙwai 120 zuwa 150, suna ƙyanƙyashewa cikin kusan mako uku, mace guda kuma na iya yin jaka har ashirin a rayuwarta. Saƙar ita ma ta bambanta: ba ta da tsarin zagaye irin na gizon lambu, a hargitse take, tana kusa da ƙasa ko a ƙarƙashin wani abu, zarenta kuma da ƙarfi, ana jin yana turjewa idan aka ja shi da kara. A wani lungun saƙar akwai ɗan ɗaki mai kauri inda take ɓuya da rana.

A ɗauki gida irin wanda kowa ya sani, mai zaure da tsakar gida da banɗaki a waje, a bi shi da tocila bayan sallar isha'i. Yanar da ke kusurwar silin ɗin falo ta mai dogayen ƙafafu ce, a wuce ta. Wuraren dubawa na ƙasa ne. A kifa kujerun roba da aka jingine a bango tun bikin bara, a duba ramukan da ke ƙarƙashin mazauni da hannuwa, domin nan ne mazauninta na farko. A duba leɓen bokiti da baho da aka daɗe ba a ɗaga ba, da mariƙin jarka, da cikin tsohuwar taya, da ƙasan ƙofar ƙarfe, da kusurwar ƙarafan taga, da bayan janareto, da keken yara da aka ajiye a rumfa. A banɗaki a haska ƙarƙashin murfin masai da gefen buta. A Amurka, zamanin da masai ke bayan gida, da yawan cizon baƙar bazawara a can yake faruwa, saboda ƙudaje na taruwa a bakin ramin, ita kuma ta kafa saƙa a ƙarƙashin mazauni.

A ce an samu jaka uku masu tsinke-tsinke a ƙarƙashin kujera ɗaya, da mace guda a lungu. Wannan shi ne lokacin da ɗaukar mataki ya zama dole, saboda kujera abu ne da yara ke ja, manya ke cusa yatsu ƙarƙashinsa. Aikin bai bukaci magani ba. A fitar da kujerar fili, a sa safar hannu ko a yi amfani da doguwar sanda, a tsokano macen. Al'adarta ta saki kanta ƙasa ta dunƙule ƙafafu ta yi lamo, sai a take ta da takalmi. Jakunkunan a ɓamɓaro su a murƙushe su sarai, ko a jefa cikin ruwan zafi. Sharewa kawai a zubar a bola bai wadatar ba, don za su ƙyanƙyashe a can su dawo. Daga nan a goge saƙar, a wanke kujerar, a sake dubawa bayan mako biyu ko uku, domin wadda aka manta a lungu za ta nuna kanta da sabuwar saƙa. Idan an same ta a bayan katanga inda hannu ba ya zuwa, ba wani gaggawa.

Me zai faru idan ta yi cizo? Dafin wannan dangi jijiyoyi yake taɓawa, ba ya ruɓar da fata. Da fari ana jin abu ya soki mutum, wani lokaci ma ba a lura. Cikin awa guda zafin sai ya ƙaru, ya hau zuwa hammata idan a hannu ne, ko matsematsi idan a ƙafa ne. Wata alama da likitoci ke dogaro da ita ita ce gumi a daidai wurin cizon ko a gaɓar da aka ciza kaɗai. Idan abin ya yi tsanani, naman ciki da na baya kan ɗaure, jini ya hau, mutum ya kasa zama wuri ɗaya, har a zaci ciwon afendis ne. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Wani bincike da likita G. J. Müller ya wallafa a Afirka ta Kudu a 1993 ya kwatanta cizon baƙar da na mai ruwan ƙasa, ya samu cewa na mai ruwan ƙasa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, galibi zafin a wurin cizon yake tsayawa. Duk da haka ƙaramin yaro, da tsoho, da mai ciki, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, asibiti za a kai su ba jira.

Taimakon farko kaɗan ne: a wanke da ruwa da sabulu, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, a sha farasitamol, a cire zobe ko awarwaro idan hannu ne. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure gaɓar da igiya ko roba, kada a shafa fetur ko kalanzir. Idan an kashe gizon, a saka shi a 'yar kwalba a tafi da shi, ko da ya murƙushe, domin shi ne shaidar da ta fi kowace. Ɗaure gaɓa da bandeji da ake gani a wasu littattafai an tanade shi ne don wani gizo na yankin Sydney a Ostareliya, wanda a da ya kashe mutane 13 kafin a fara amfani da maganin dafinsa a 1981, kuma tun daga lokacin ba a sake samun mutuwa daga gare shi ba. Ba ya zama a Afirka.

Ɗaya dangin da ake yi wa kallon haɗari shi ne na gidan Kansas, masu ruɓar da fata. Matsakaita ne, launin ƙasa bai ɗaya, ƙafafu sirara marasa zobe-zobe, da idanu shida a jere biyu-biyu maimakon takwas irin na yawancin gizo-gizo, abin da sai da gilashin ƙara girma ake gani. Suna son kwalaye da tsofaffin takardu da tufafin da aka jibge. Amurka ta Kudu da tsakiyar Amurka da kudancin Afirka nan suka fi yawa, akwai kuma wani na yankin Bahar Rum da kayan fatauci suka kai ƙasashe da dama. Cizonsu ba ya zafi da farko. Bayan 'yan sa'o'i wurin ya fara raɗaɗi, tsakiyarsa ya yi fari ko shuɗi-shuɗi, ya lotsa ciki, a bushe. Mafi yawa na warkewa da kansu, kaɗan ne ke zama gyambo, kuma shi ma sai bayan mako guda ko fiye.

Wannan bayanin na da amfani ta wata fuska da ta fi gane gizon muhimmanci, wato gane ciwon da ba nasa ba. A wani asibiti a Kalifoniya, likita Jeffrey Suchard ya duba mutane 182 da suka zo da ƙorafin cizon gizo-gizo. Bakwai ne kawai aka tabbatar. Fiye da kashi 85 cikin ɗari ƙwayoyin cuta ne suka kama musu fata. Ƙurjin da ya taso ya yi tsini, ya yi ja, yana zafi, ya tara mugunya, maruru ne ko makamancinsa, kuma magani yake so daga ma'aikacin lafiya. Ƙuraje da yawa a jere, ko a jikin mutane da dama a ɗaki guda, aikin kuɗin cizo ne ko ƙuma ko sauro, domin gizo-gizo sau ɗaya yake cizo ya gudu. Gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa wata da watanni na iya zama na ciwon suga ko wata cutar fata da ke bukatar gwaji.

A ƙasar Hausa laifin kan faɗa kan tautau. Mutum ya tashi da safe ya ga fatarsa ta yi ja ta ɗuri ruwa a wuya ko gefen fuska, sai a ce tautau ya yi masa fitsari ko ya bi ta jikinsa. Gizo-gizo ba ya ƙona fata da fitsari ko da tafiya. Abubuwa biyu ne suka fi kawo wannan, kuma bambanta su na da sauƙi.

Na farko wani siririn ƙwaro ne da bai kai santimita ɗaya da rabi ba, jikinsa baƙi da ja a jere, wanda ke yawaita da damina kusa da fadamu da gonakin shinkafa, yana bin hasken lantarki ya shigo ɗaki. Ba ya cizo, ba ya harbi. Gubar tana cikin ruwan jikinsa, sai an murje shi a fata take fita. Ba a jin komai nan take. Bayan yini ɗaya ko biyu sai a ga jan layi mai raɗaɗi ya bi inda hannu ya shafa, sannan ƙananan bororo. Idan a lanƙwasar gwiwar hannu ne, ɓangarorin biyu da suka haɗu duk su kama. Wanda ya murje shi ya taɓa ido zai tashi da kumburarren ido. Kariyar ita ce idan ya sauka a jiki a hure shi ko a kaɗe da takarda, idan kuma an riga an murje, a wanke wurin da hannu da sabulu nan da nan.

Na biyu ya fi bukatar kulawa. Ƙwayar cutar ƙarambau ba ta barin jikin wanda ya yi ta yana yaro, tana kwanciya a jijiya shekaru da yawa, ta farka idan tsufa ya zo ko garkuwar jiki ta yi rauni. Zafi ko ƙaiƙayi ke fara zuwa kwana biyu ko uku kafin a ga komai, sannan ƙuraje masu ruwa su fito rukuni-rukuni a ɗamara guda, a gefe ɗaya na ƙirji ko ciki ko fuska, ba sa tsallaka tsakiyar jiki. Akwai maganinta a asibiti, kuma ya fi aiki idan an fara cikin sa'o'i 72 da fitowar ƙurajen. Idan ta fito a goshi ko kan hanci tana iya lalata ido. Idan kuma matashi ta kama, likita kan so ya bincika abin da ya raunana garkuwarsa. Wanda aka ce wa tautau ne, ya zauna yana shafe-shafe mako guda, ya yi asarar waɗannan kwanaki uku, kuma wannan asara ta fi duk abin da gizo-gizon ɗakinsa zai iya yi masa.

Saura maganar feshi. Gidan da ba gizo-gizo babu shi. Masu bincike a jihar Karolina ta Arewa sun shiga gidaje 50 suka tattara duk ƙwarin ciki, a rahoton da suka fitar a 2016, kuma kowane gida an samu gizo-gizo. Burin ƙarar da su kakaf ba mai cikuwa ba ne, kuma maganin feshi bai ma dace da su ba. Kyankyaso na jan ciki a ƙasa yana lasar ƙafafunsa da gashin bakinsa, shi ya sa maganin da aka fesa a daɓe ke kama shi. Gizo mai saƙa yana rataye a iska, da wuya ya taka inda aka fesa. Sai maganin ya same shi kai tsaye, wanda kuma ya iya kai masa feshi zai iya kai masa tsintsiya. Jakar ƙwai kuwa zarenta na kore ruwa, feshi na gama-gari bai cika shiga ba, shi ya sa bayan mako uku ake ganin 'ya'ya sun cika wurin da aka yi zaton an gama da shi.

Abin da ke rage su na dindindin shi ne rage abincinsu da maɓoyarsu. Ƙwan lantarki fari da ke bisa ƙofa yana tara ƙwari duk dare, gizo-gizo kuma ya zo ya kafa saƙa a gefensa. A matsar da shi nesa da ƙofa ko a sauya shi da mai ɗorawa-ɗorawa, za a ga bambanci cikin 'yan makonni. A gyara ragar taga, a toshe tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa, a rufe shara da ragowar abinci. Kwalaye da buhunan da aka jibge a ƙarƙashin gado a mayar da kayan cikin robobi masu murfi. A janye gado kaɗan daga bango, a soke gidan sauro ƙarƙashin katifa. Doguwar tsintsiyar yana sau ɗaya a mako ta ishi silin. Tsaka da ke bango na cin su, zanzaro kuma na kama su ya sumar da su ya cusa a ɗakin laka don 'ya'yansa, wanda duk ya taɓa fasa gidan zanzaro ya ga haka. Kakkaɓe takalmi da tufafin da suka kwana a ƙasa kafin a sa ya fi duk waɗannan daraja, musamman a wurare irin su Agadez, inda abin da ke shiga takalmi ya kashe yaro kunama ce.

Kiran masu feshi na da muhalli, amma ƙunƙuntacce ne: idan an tabbatar da zawarawan nan da yawa a wurin wasan yara, makaranta ko sito, an kwashe da hannu sau biyu ko uku suna dawowa, ko an tabbatar da masu ruɓar da fata sun cika gini. Ko a nan ma a nemi wanda zai fara dubawa ya nuna gizon da jakar ƙwansa, ya faɗi sunan maganin da zai yi amfani da shi, ya zuba a tsagogi da lungunan da abin yake maimakon ya turnuƙe gida duka.

Abin da bai da muhalli ko kaɗan shi ne fiya-fiya da sauran magungunan gona da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ana yayyafawa a ɗakin kwana. Yawancinsu sinadarin dikulobos ne, wanda ke shiga jiki ta numfashi da ta fata. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantunan Najeriya saboda yawan mutuwar da ake samu. Yaron da ya shaƙe shi a rufaffen ɗaki kan fara dalalar da yawu, gumi ya karyo masa, ƙwayar idonsa ta tsuke, ya yi amai, ƙirjinsa ya cika da majina har numfashi ya gagara. Idan an ga haka bayan feshi, a fitar da shi iska, a tuɓe masa tufafin, a wanke jikinsa da sabulu, kada a ɗura masa manja ko madara, a garzaya asibiti tare da kwalbar domin likita ya san irin maganin da zai ba shi.